Takardar Lissafin Ruwa: Yadda Nas Ke Bin Sawun Kowane Ɗigo a Jikin Mai Gudawa Mai Tsanani

Duk wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa a asibiti ya ga wata takarda mai layuka da ake rataye wa a ƙarshen gado ko a liƙa a jikin allo. Nas takan zo lokaci zuwa lokaci, ta dubi ledar ƙarin ruwa, ta leƙa bokiti, ta tambayi mai jinya abin da mara lafiya ya sha, sannan ta rubuta wasu lambobi ta wuce. Yawancin masu jinya suna ɗaukar wannan a matsayin al'adar asibiti kawai. Amma a wurin mai gudawa mai tsanani, da wannan takarda ake yanke shawarar ƙara masa ruwa, ko rage gudunsa, ko cire allurar gaba ɗaya. Idan lambobin da ke ciki ba gaskiya ba ne, shawarar da za a yanke ma ba za ta zama daidai ba.

Kwalara ce misalin da ya fi fito da wannan fili, kuma ba baƙuwarmu ba ce. A shekarar 2021 kaɗai an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Abin da ke kashe mai kwalara shi ne zubewar ruwa da gishirin jiki. Babban mutum na iya zubar da kusan lita ɗaya ta gudawa cikin awa guda, mai tsinkakken ruwa fari-fari irin na wankin shinkafa. Idan aka mayar masa da abin da ya zuba a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Mayarwa kuwa ba ta yiwuwa sai an san nawa ne ya fita.

Yadda takardar take

A saman takardar ana rubuta sunan mara lafiya, shekarunsa, lambar gadonsa, kwanan wata, da nauyinsa lokacin da aka kawo shi. Nauyin nan shi ne tushen duk lissafin da zai biyo baya, domin da shi ake fitar da yawan ruwan da za a ba shi. In ba zai iya tsayuwa a kan sikeli ba, sai a ƙiyasta, a kuma rubuta cewa ƙiyasi ne, a auna shi da zarar ya samu ƙarfi.

Ƙasan takardar ya rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na abin da ya shiga jiki ne: ruwan da aka ƙara ta jijiya, da abin da aka sha ta baki, da wanda aka ba da ta robar hanci idan an sa ta. Ɗaya ɓangaren na abin da ya fita ne: gudawa, amai, fitsari, kowanne da gurbinsa. Layukan da ke sauka ƙasa kuwa awoyi ne. Takarda ɗaya tana ɗaukar awa 24, kuma kowane asibiti yana da lokacin da yake rufe ta jiya ya buɗe sabuwa, galibi da safe.

Ma'auni ɗaya ake amfani da shi, wato mililita, wadda ma'aikata ke taƙaitawa da cewa mil. Mil 1,000 ne lita ɗaya. Kalmomi irin su "ya yi da yawa", "sau uku", ko "ya sha kaɗan" ba su da gurbi a nan, domin ba a iya tara su a fitar da jimla. Gudawa sau uku na iya zama mil 150, tana kuma iya zama lita biyu. Ƙa'ida ta biyu ita ce a rubuta abu a lokacin da ya faru. Nas ɗin da ta bari sai ƙarshen aikinta sannan ta zauna cike layukan awa takwas daga ƙwaƙwalwa, ƙiyasi ta rubuta, ko da kuwa rubutun ya yi kyau.

Auna abin da ya shiga

Ruwan jijiya shi ne mafi sauƙin aunawa, amma a nan ake yin kuskuren da ya fi yawa: rubuta ledar da aka rataya a matsayin ruwan da ya shiga. Ledar mil 500 da aka ɗaura ƙarfe goma, in allurar ta goce daga jijiya ƙarfe goma da kwata, ba ta shiga jiki ba, tana nan rataye. Don haka ana rubuta lokacin da aka ɗaura kowace leda, da irin ruwan, da lambarta ta jere, sannan a ƙarshen kowace awa a rubuta abin da ya ragu daga cikinta. Dabara mai amfani ita ce a liƙa filasta a tsayen ledar, a ja layi a inda ya kamata ruwan ya kai a kowace awa. Wanda ya zo wucewa ma zai gane ko ruwan yana baya ko ya yi gaba. Ledojin da suka ƙare kada a zubar da su sai an ƙirga su an gwada da abin da ke takarda.

Inda babu na'urar sarrafa gudun ruwa, da ƙirgen ɗigo ake aiki. A jikin ledar kowace robar ƙarin ruwa an rubuta ɗigo nawa ne ke cika mil ɗaya. Ta manya galibi ɗigo 20 ce, ta ƙananan yara 60. Ana ninka yawan ruwan da wannan lamba, a raba da yawan mintuna. Idan an ce a ba da mil 500 cikin awa huɗu da roba mai ɗigo 20, sai a ninka 500 da 20, a samu 10,000, a raba da minti 240, a samu kusan ɗigo 42 a minti ɗaya. Nas ta duba agogo ta ƙirga, ta kuma dawo ta sake ƙirgawa, domin lanƙwasa hannu kawai kan canza gudun ruwan.

Abin sha kuwa sai an san girman mazubinsa. Kofunan da masu jinya ke zuwa da su ba girmansu ɗaya ba, saboda haka a ware wa mara lafiya kofi ɗaya, a auna shi da sirinji ko kofin awo, a sa masa alama, a nuna wa mai jinya. Ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda aka rubuta ORS a jikinsa, galibi ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa ake kaɗa shi, amma a karanta abin da aka rubuta a jiki kafin a haɗa. Ledar fiya wata yawanci mil 500 ce. Abin da za a rubuta shi ne abin da ya sha, ba abin da aka zuba masa ba: in an zuba mil 200 ya bar rabi, 100 za a rubuta. Koko, kunu, shayi, romo, rubutu, duk ruwa ne, duk suna shiga lissafi. Jaririn da ke shan nono a ci gaba da ba shi, a rubuta lokutan da ya sha, tunda ba a iya auna shi. Lemon kwalba da sauran kayan zaƙi kuwa a hana, domin yawan sukarinsu na jawo ruwa cikin hanji ya ƙara gudawar.

Auna abin da ya fita

Wannan ɓangare ne mai wahala, kuma shi aka fi barin layukansa babu komai. A cibiyoyin kwalara ana amfani da gado na musamman, shimfiɗe da leda, mai rami a tsakiya daidai mazaunin mara lafiya, da bokiti a ƙarƙashi. Ba sai ya tashi ba, gudawar na zuba kai tsaye. Bokitin yana da layukan awo. In babu, nas ta yi masa da kanta, ta zuba ruwa rabin lita rabin lita tana jan layi da alƙalamin da ba ya gogewa. A gefen kai kuma akwai wani mazubin daban na amai.

Akwai wani abu da ake mantawa: ana zuba ruwan kulorin a bokitin don kashe ƙwayar cutar. Idan an zuba shi tun kafin gudawar ta sauka, dole a san yawansa a cire daga abin da aka karanta. Idan kuwa daga baya ake zubawa, a karanta awo tukuna, a rubuta, sannan a zuba kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, a bar shi ya yi aikinsa kafin a zubar. Tare da lambar ana rubuta kamannin gudawar: fara ce, ko ta fara yin kauri, ko akwai jini. Jini a gudawa ba alamar kwalara ba ce, yana nuna wata cuta daban, kuma abin sanar da likita ne.

Ga ƙananan yara ana auna famfas. A auna busasshe a sikeli mai nuna giram, a rubuta nauyin a jikinsa, idan ya jiƙe a sake aunawa a cire na farko. Giram ɗaya daidai yake da mil ɗaya. Famfas mai giram 30 da ya dawo giram 150 ya ɗauki mil 120. Idan gudawa ta zuba a zanen gado ko a ƙasa, a ƙiyasta, a rubuta kalmar "ƙiyasi" a gefen lambar. Ƙiyasin da aka faɗi gaskiyarsa ya fi layi babu komai, domin wanda zai tara jimla zai ɗauki layin da babu komai a matsayin sifili.

Fitsari ya cancanci kulawa ta daban, domin shi ke ba da labarin ƙoda. Idan jini ya ragu saboda ƙarancin ruwa, ƙoda takan riƙe fitsari, in abin ya daɗe kuma ta samu rauni. Ana son babba ya fitar da aƙalla rabin mil a kan kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya, yaro ƙarami kuwa kusan mil ɗaya. Galibi fitsari kan dawo cikin awa shida zuwa takwas da fara mayar da ruwa. Matsalar ita ce a gadon kwalara fitsari kan zuba cikin bokitin gudawa ya ɓace a lissafi. Don haka a ba namiji kwalbar fitsari, mace a ba ta tasa ta daban, a kuma yi musu labule, domin kunya na sa mutane da yawa su riƙe ko su ɓoye. In rabawa ta gagara, a rubuta aƙalla lokacin da ya yi fitsarin farko da launinsa. Robar fitsari ba a sa ta don sauƙin lissafi kawai, tana iya shigar da cuta, sai likita ya ga bukatarta.

Akwai kuma ruwan da ba a gani, wanda ke fita ta numfashi da fata. A babban mutum yakan kai mil 500 zuwa 800 a rana, yana kuma ƙaruwa da zazzaɓi da zafin gari. Ba a iya auna shi a bokiti, amma mai karanta takardar dole ya sa shi a ransa, musamman a ɗakin da babu fanka a watannin bazara.

Takardar ba daga sifili take farawa ba

Wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi ya bambanta takardar mai gudawa da ta sauran marasa lafiya. Mutumin da aka kawo idonsa ya zurma, fatarsa in an tsunkula ba ta komawa da wuri, bugun jijiyarsa da ƙyar ake ji, ya riga ya zubar da kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinsa tun a gida ko a hanya. Wannan ruwa bai shiga kowane bokiti ba, saboda haka ba ya cikin takarda. Tamkar littafin bashi ne da aka buɗe alhali akwai tsohon bashi da ba a rubuta ba: sai an biya tsohon, ana kuma biyan sabon da ke hawa kowace awa. Nas ɗin da ta san aikinta takan rubuta wannan tsohon bashi a saman takarda tun daga farko, don duk wanda zai karanta jimlar ya karanta ta tare da shi.

Bari mu ɗauki misali. A ce an kawo wani magidanci ƙarfe 8 na safe, nauyinsa kilo 50, da alamun bushewa mai tsanani. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa wanda ya kai shekara ɗaya zuwa sama shi ne mil 100 a kan kowane kilo, ta jijiya, da ruwan da ake kira Ringa: mil 30 a kan kilo cikin minti 30 na farko, sauran mil 70 a kan kilo cikin awa biyu da rabi. Ga wannan mutum, mil 1,500 ke nan a rabin awa, sai mil 3,500 bayan nan. Jimla mil 5,000, wato ledar mil 500 guda goma cikin awa uku. A irin wannan gudu ba a ƙirga ɗigo; ana buɗe robar gaba ɗaya, da allura mai faɗi, sau da yawa a hannu biyu, ana rubuta lokacin ƙarewar kowace leda. Ana duba bugun jijiyarsa da numfashinsa duk minti 15 zuwa 30. Jaririn da bai kai shekara ba ana ba shi a hankali, cikin awa shida.

Ƙarfe 9 mutumin ya farfaɗo ya fara sha, ana ba shi mil 250 na ruwan gishiri da sukari a kowace awa. Ƙarfe 11 nas ta tara jimla. Abin da ya shiga: 5,000 ta jijiya, 500 ta baki, jimla 5,500. Abin da ya fita: gudawa 1,800, amai 300, fitsari babu, jimla 2,100. Rarar da ta zauna a jiki 3,400 ce. Wanda bai san da tsohon bashi ba zai ga rarar lita uku da wani abu ya tsorata ya rufe ruwa. Wanda ya sani kuwa zai ce: ana bin mu 5,000, mun biya 3,400, saura 1,600, kuma gudawa ba ta tsaya ba. Ledoji goma sun ƙare, amma aikin bai ƙare ba.

Daga ƙarfe 11 zuwa 3 na rana aka ƙara masa 2,000 ta jijiya, ya sha 1,500. Gudawa 1,600, amai 100, kuma ƙarfe 2 ya yi fitsarin farko, mil 100. Rarar wannan zango 1,700, in an haɗa da ta safe 5,100. Yanzu an biya tsohon bashi. Daga nan manufar ta canza: abin da ya fita a zango ɗaya shi ake mayarwa a zango na gaba, kuma ana son baki ya karɓi aikin daga jijiya. Dalilin ba sauƙi kawai ba ne. Gudawa na tafiya da gishirin fotasiyam mai yawa, ruwan Ringa kuwa kaɗan yake ɗauke da shi, na ƙunshi ya ninka shi kusan sau biyar. Ƙarancin fotasiyam na kawo kasalar tsoka, kumburin ciki da rikicewar bugun zuciya.

Daga ƙarfe 3 zuwa 9 na dare aka rage gudun ruwan, mil 500 kawai ya shiga ta jijiya, ya sha 1,800. Gudawa 1,500, fitsari 300. Fitsarin nan mil 50 ne a awa, ninki biyu na mafi ƙarancin da ake nema ga mai kilo 50, wato mil 25. Rarar zangon 500, jimla 5,600. Komai na tafiya daidai.

Inda abu ke lalacewa

Sai dare ya yi. Mara lafiya ya samu sauƙi ya yi barci, mai jinya da ya kwana biyu bai runtsa ba shi ma ya yi barci, allura ta goce hannu ya kumbura, aka cire ba a mayar ba. Daga ƙarfe 9 na dare zuwa 8 na safe mil 600 kawai ya sha. Gudawa kuwa ba ta barci: 2,200 ta zuba. Fitsari 150 a cikin awa goma sha ɗaya, wato ƙasa da mil 14 a awa. Wannan zango ya ƙare da giɓin 1,750. Jimlar awa 24 ta zama 11,900 ya shiga, 8,050 ya fita, rarar 3,850. In an cire kimanin 800 na numfashi da fata, abin da ya zauna kimanin lita uku ne kawai, alhali biyar ake nema. Sikeli zai tabbatar: maimakon ya kusanci kilo 55, zai tsaya wajen 53.

A lura, jimlar awa 24 har yanzu rara take nunawa, kuma wanda ya dube ta ita kaɗai zai ce lafiya lau. Giɓin yana ɓoye a cikin zangon dare. Shi ya sa ga mai gudawa mai tsanani ba a jiran safiya kafin a tara jimla. A lokacin farfaɗo da shi duk awa ake yi, bayan nan duk awa huɗu, dare da rana. Da an tara ƙarfe 1 na dare, da an ga bokiti ya ɗauki kusan mil 800 alhali kofi ɗaya kawai aka sha, da an tashe shi an ba shi ruwa ko an mayar da allura tun abin bai yi nisa ba.

Kishiyar wannan kuskure shi ne ruwa ya yi yawa. Yana faruwa ne idan gudawa ta ragu amma aka ci gaba da ɗaura leda bayan leda. Alamunsa kumburin fatar ido, saurin numfashi, tari, da kasa kwanciya saboda sarƙewar numfashi. Takarda za ta nuna rara tana ta hawa bayan an biya tsohon bashi. Wanda ya ga haka ya rage gudun ruwan zuwa mafi ƙaranci, ya zaunar da mara lafiya, ya kira likita nan take. Tsofaffi, masu ciwon zuciya ko ƙoda, masu ƙarancin jini sosai, da jarirai su ne abin ya fi saurin kamawa. Yaron da ke da tamowa mai tsanani kuwa tsarinsa daban ne gaba ɗaya: zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwan jijiya mai gudu, kuma alamun bushewa a jikinsa na yaudara, don haka ba a ɗora masa lissafin da ke sama.

Akwai yanayi guda da ke bukatar likita ba tare da jinkiri ba: an mayar da ruwa, idanu sun ciko, bugun jijiya ya dawo, amma awa takwas sun wuce babu fitsari ko kuma ɗan kaɗan ne. Wataƙila ƙoda ta samu rauni, kuma ci gaba da tura ruwa a makance zai cika huhu. Haka nan yaron da ya yi shiru ko ya fara jijjiga ko da lambobinsa sun yi kyau, a gwada sukarin jininsa.

Iyakar takardar

Takardar tana ƙirga yawan ruwa ne, ba ta ganin gishirin da ke cikinsa. Wanda aka cika da ruwan sukari zalla ta jijiya zai yi kyau a lissafi, alhali ba a mayar masa da gishirin da ya zubar ba. Shi ya sa ake rubuta irin ruwan, ba yawansa kaɗai ba. Haka kuma kowace lamba da ke ciki tana iya ɗauke da ɗan kuskure, ƙananan kurakurai kuwa suna taruwa. Don haka ana karanta ta ne tare da jikin mara lafiya: bugun jijiya, hawan jini, numfashi, idanu, fata, hankalinsa, da nauyinsa na kowace safiya a sikeli ɗaya. Idan takarda ta ce lafiya, jiki ya ce a'a, jiki ake bi, sannan a koma a nemo inda lissafin ya karkace.

Lokacin miƙa aiki ma wuri ne da labari ke yankewa. Ya kamata nas mai tashi da mai karɓa su tsaya tare a bakin gado, a faɗi tsohon bashin da aka fara da shi, jimlar zuwa yanzu, abin da ya rage a ledar da ke rataye, abin da ke cikin bokiti, da lokacin fitsarin ƙarshe. A ja layi, mai tashi ta sa hannu. In an yi kuskuren lamba, a ja mata layi ɗaya a rubuta daidai a gefe, kada a goge.

Kira ga masu jinya

A lokacin annoba nas ɗaya kan kula da gadaje masu yawa, kuma rabin lambobin da ke takardar daga bakin mai jinya suke fitowa. Saboda haka idan ka sami kanka a bakin gadon ɗan'uwa, kada ka zubar da bokiti ko tasar amai sai an auna, komai son ka da tsafta. Kada ka taɓa maɓallin robar ruwa don ledar ta yi saurin ƙarewa, ko don ganin tana gudu da yawa. Ka riƙe ƙirgen kofunan da ya sha, ko da zane ne a bayan takarda, ka kuma faɗi gaskiyar abin da ka ba shi daga gida. In ya yi amai, a jira minti goma a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Da dare ku riƙa karɓa-karɓa, ɗaya na barci ɗaya na ba shi ruwa. In kuwa ka ga ɗigo ya tsaya, ko hannu ya kumbura, ko numfashinsa ya canza, ko an daɗe bai yi fitsari ba, je ka kira nas nan take, kada ka jira sai ta zagayo.